Yadda lamba ɗaya take auna rashin daidaiton kuɗin shiga a ƙasa

*Tambaya: Malam, ina yawan gani a rahotanni ana cewa ma'aunin Gini na ƙasa kaza 0.63 ne, na wata kuma 0.25. Ta yaya ake tattara kuɗin shigar miliyoyin mutane a mayar da su lamba ɗaya? Kuma za a iya dogara da wannan lamba a ce ƙasa kaza ta fi ƙasa kaza rashin daidaito?*

Ɗan'uwa, lambar tana amsa tambaya guda ce tak: in aka ɗauko mutum biyu a ƙasa ba tare da zaɓe ba, nawa ne tazarar da ke tsakanin abin da suke samu, idan aka gwada ta da matsakaicin samun ɗan ƙasar? In ka riƙe wannan, sauran bayanin duk reshe ne. Wanda ya kawo ma'aunin masanin ƙididdiga ne ɗan Italiya, Corrado Gini, a 1912. Ma'aunin yana farawa daga 0, wato kowa samunsa ɗaya da na kowa, ya ƙare a 1, wato mutum ɗaya ya kwashe komai sauran ba su da ko sisi. Wasu hukumomi, kamar Bankin Duniya, suna rubuta shi daga 0 zuwa 100, don haka 63 da 0.63 abu ɗaya ne. Babu ƙasar da ta kusanci 0 ko 1. Kusan dukkan ƙasashe suna tsakanin 0.24 da 0.63. Slobeniya da Slobakiya suna can ƙasa wajen 0.24 zuwa 0.25, Afirka ta Kudu kuma tana can sama wajen 0.63 a ƙiyasin Bankin Duniya na 2014.

Bari mu ƙirƙiri ƙaramar ƙasa mai gida biyar mu yi lissafin da hannu, domin wanda ya taɓa yin sa sau ɗaya da wuya a ruɗe shi da wannan lamba. A ce gidajen suna samun 10, 20, 30, 40 da 100 a wata, da kowane irin kuɗi kake so. Jimilla 200, matsakaici 40.

Za mu gwada kowane gida da kowane gida. Tsakanin mai 10 da sauran huɗun akwai tazarar 10, 20, 30 da 90, sun zama 150. Tsakanin mai 20 da ukun da ke samansa akwai 10, 20 da 80, sun zama 110. Mai 30 da biyun da ke gabansa, 10 da 70, wato 80. Mai 40 da mai 100, tazararsu 60. In ka tara duka za ka sami 400. To amma idan ana ɗauko gida biyu ba tare da zaɓe ba, akwai hanyoyi 25 da haɗin zai iya faɗowa, biyar sau biyar. Kowane haɗi yana zuwa sau biyu, gaba da baya, sannan akwai biyar da gida ke haɗuwa da kansa, tazararsu sifili. Saboda haka a ninka 400 ya zama 800, a raba da 25, a sami 32. Matsakaiciyar tazara ke nan. Sai a raba ta da ninkin matsakaicin samu, wato 80. Amsa ita ce 0.40.

Ka juya lissafin baya, za ka sami hanya mafi sauƙi ta fassara kowace lambar Gini da ka gani: ka ninka ta biyu. A ƙasa mai 0.40, tazarar da ake sa ran gani tsakanin mutum biyu ta kai kashi 80 cikin ɗari na matsakaicin samu. A mai 0.25 rabi ce kawai. A mai 0.63 tazarar ta wuce matsakaicin samun kansa da kusan rubu'i. Ni a ganina wannan fassarar ta fi ta zane amfani ga mai karanta jarida, ko da yake zanen ne aka fi koyarwa a aji.

Zanen na wani Ba'amurke ne, Max Lorenz, wanda ya kawo shi a 1905, kafin Gini da shekara bakwai. Ana jera mutane daga mafi ƙarancin samu zuwa mafi yawa, a riƙa tambaya: kashi kaza na ƙasa, nawa suke riƙe da shi daga jimillar kuɗin? A ƙasarmu ta gida biyar, gidan farko shi ne kashi 20 na jama'a, yana da kashi 5 na kuɗin. Biyun farko suna da kashi 15, uku suna da 30, huɗu suna da 50, sai na biyar ya cika 100. Da a ce rabon daidai yake, da kashi 20 na mutane suna da kashi 20 na kuɗi, kashi 40 suna da 40, har ƙarshe, kuma zanen zai fito layi miƙaƙƙe daga kusurwa zuwa kusurwa. Layin gaskiya kuwa yana lanƙwashewa ta ƙarƙashinsa, su biyun sai su yi kamar baka da tsirkiyarsa: gwargwadon nisan bakan daga tsirkiya, gwargwadon rashin daidaito. Idan aka kira filin da ke tsakanin layukan biyu A, wanda ke ƙarƙashin layin Lorenz kuma B, to G = A ÷ (A + B). A misalinmu B ya kama 0.30, A ya kama 0.20, jimilla 0.50, amsar ta sake fitowa 0.40. Hanya biyu ce zuwa wuri ɗaya.

Yanzu kashi na biyu na tambayarka, wanda ya fi muhimmanci. Mu yi wasa da gidajen nan mu ga abin da lambar take gani da abin da ba ta gani.

A ninka wa kowa samunsa: 20, 40, 60, 80, 200. Gini bai motsa ba, yana nan 0.40, alhali tazarar da ke tsakanin gidan farko da na ƙarshe ta tashi daga 90 zuwa 180. Da gangan aka gina ma'aunin haka, don a iya gwada ƙasashe masu kuɗi daban-daban, kuma don kada hauhawar farashi ta riƙa canza shi. Amma hakan yana nufin Gini bai san arziki ko talauci ba. Ƙasar da kowa ke cikin ƙunci iri ɗaya za ta sami lamba mai kyau, kuma ana samun ƙasa matalauciya da mai arziki su zo da lamba ɗaya. Wanda ya ce Gini ya sauka saboda haka talauci ya ragu, ya haɗa abu biyu da ba lalle su tafi tare ba. Idan kuwa aka ƙara wa kowane gida 10 cif, suka zama 20, 30, 40, 50, 110, tazarar da ke tsakaninsu ba ta canza ba amma matsakaici ya tashi zuwa 50, sai Gini ya sauko 0.32.

Ga wanda ya fi ba ɗalibai mamaki. Mu koma ga gidajen asali, mu cire 5 daga mai 100 mu ba mai 10. Gini zai sauka zuwa 0.36, kamar yadda kowa zai zata. Idan kuma mai 40 aka ba wannan 5 ɗin, saukar kaɗan ce, zuwa 0.39. To a bar mai 100 da kuɗinsa, a cire 5 daga mai 20 a ba mai 10, su zama 15 da 15. Nan ma 0.39 ne. A misalin 0.39 na farko, gida mai rufin asiri ya ƙara abin da bai kai ya sauya rayuwarsa ba. A na biyu, gidan da ya fi kowa wahala samunsa ya ƙaru da rabi. Gini ya ɗauke su daidai, domin abin da yake dubawa shi ne yawan kuɗin da aka motsa da yawan matakan jeri da kuɗin ya tsallake, kuma a duka biyun mataki ɗaya ne. Ba ya tambayar ko a ƙasan jerin ne ko a samansa. A ƙasa ta gaskiya mutane sun fi cunkusuwa a tsakiyar jeri, inda ɗan bambancin kuɗi ke tsallake dubban mutane, shi ya sa ake cewa Gini ya fi jin motsin tsakiya fiye da na gefe biyu. Gefen nan biyu kuwa su ne mutane suka fi damuwa da su idan ana maganar rashin daidaito.

Daga nan babbar matsalar take fitowa: ƙasashe masu kamanni daban suna iya samun lamba ɗaya. Ɗauki ƙasa ta biyu, ita ma gida biyar da jimillar 200, amma rabon 20, 20, 20, 20, 120 ne. Idan jama'a ta kasu gida biyu kacal irin haka, akwai gajeriyar hanya: a cire kason kuɗin talakawa daga kasonsu na yawan jama'a. Kashi 80 na mutane suna da kashi 40 na kuɗi, 0.80 a cire 0.40, saura 0.40. Ɗauki ta uku, inda gida biyu ba su da komai, ukun da suka rage suka raba 200 daidai, kusan 67 kowanne. Kashi 40 na mutane da sifili, Gini 0.40. Ƙasa uku, lamba ɗaya. A ta biyu babu wanda ke ƙasa da rabin matsakaici, matsalarta gida ɗaya ne da ya riƙe kashi 60 na komai. A ta uku babu attajiri ko ɗaya, amma mutum biyu cikin biyar ba su da abin kai wa baka. Gwamnatin da ke ta biyu da wadda ke ta uku ba aiki ɗaya ke gabansu ba, kuma Gini ba zai gaya musu hakan ba.

Akwai yadda ake gane an shiga irin wannan hali. A zana layukan Lorenz na ƙasashen biyu a takarda ɗaya. Idan na ɗaya yana saman ɗayan tun daga farko har ƙarshe, to babu gardama, ta fi daidaito, kuma duk wani ma'auni mai hankali zai yarda da haka. Idan kuwa layukan sun gitta juna, hukuncin ya dogara ne ga ɓangaren da ka fi ba muhimmanci. Ƙasarmu ta farko tana tafiya 5, 15, 30, 50, ta biyu kuma 10, 20, 30, 40. Ta biyu tana sama a wajen talakawa, sun haɗu a kashi 60, daga nan ta farko ta hau sama. Masanin tattalin arziki ɗan Birtaniya, Anthony Atkinson, ya fito da wannan batu fili a 1970, ya nuna cewa duk lamba ɗaya da za a zaɓa tana ɗauke da hukunci a ɓoye game da wanda ya fi cancanta a kula da shi. Ma'aunin da ya kawo yana tilasta wa mai lissafi ya faɗi a fili nauyin da yake ba talakawa. Gini ma yana da nasa nauyin, sai dai ba a tambaye ka ba kafin a sa.

Duk wannan lissafi ne a takarda. A aikace, abin da ya fi ɓata kwatance tsakanin ƙasashe shi ne abin da aka zuba cikin lissafin tun farko. Idan na ga lambar Gini, tambayata ta farko ita ce: Gini na mene ne?

Na kuɗin shiga ne ko na abin da gida ke kashewa? Ƙasashen Turai da na Latin Amurka galibi suna auna kuɗin shiga. Yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara da na Kudancin Asiya suna auna abin da ake kashewa, da dalili mai kyau: inda mafi yawan mutane manoma ne ko masu sana'ar kansu, babu takardar albashi, samu yana hawa yana sauka da lokutan shekara, kuma wani ɓangare na abin da gida ke ci shi ya noma. Tambayar abin da aka ci da abin da aka saya ta fi samun amsa ta gaskiya. Sai dai kashewa ta fi samu daidaito a kusan ko'ina, domin mai kuɗi yana adana kaso mai yawa, talaka kuma yakan kashe duk abin da ya samu har ya ci bashi. Masu bincike biyu, Klaus Deininger da Lyn Squire, da suka tattara bayanan ƙasashe a 1996, sun sami bambancin kusan maki 6.6 cikin 100 tsakanin nau'ukan biyu. Ƙasar da aka ce tana da 0.35 na kashewa ba lalle ta fi mai 0.40 na kuɗin shiga daidaito ba, amma za ka gan su a jadawali ɗaya, ɗaya a saman ɗaya, ba tare da wani gargaɗi ba.

Idan na kuɗin shiga ne, kafin haraji ne ko bayansa? A Finland da Jamus da Faransa, Gini na abin da mutane ke samu daga aiki da jari, kafin gwamnati ta taɓa komai, yana wajen 0.50. Bayan an cire haraji an ƙara fansho da tallafi, sai ya sauko ƙasa da 0.30 ko daidai nan. Amurka tana farawa daga kusan wuri ɗaya da su, amma tana tsayawa wajen 0.39. Ashe bambancinsu ba a kasuwa ya fi yawa ba, a rabon da gwamnati ke yi ne. Ko a nan akwai abin lura: wani babban ɓangare na saukar a Turai fansho ne, domin wanda ya yi ritaya ana rubuta masa sifili a lissafin farko ko da yana rayuwa cikin wadata. Amurka kanta za ka ga an ba ta 0.39, ko 0.41, ko 0.48, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Ta ƙarshen ta hukumar ƙidayar ƙasar ce, wadda ke auna kuɗin gida kafin haraji.

Dukiya kuma wani abu ne daban. Gini na dukiya, wato gidaje da filaye da hannun jari bayan an cire bashi, yakan wuce 0.70 a ƙasashe da dama. Suwidin tana cikin masu daidaiton kuɗin shiga, amma rabon dukiyarta yana cikin mafi karkata a Turai.

Sai matsalar da ta fi wuyar magani. Lambobin nan daga binciken gida-gida suke fitowa, inda ma'aikatan hukumar ƙididdiga ke zaɓen wasu dubban gidaje su yi musu tambayoyi. Manyan attajirai kaɗan ne, da wuya zaɓen ya faɗo kansu. In ya faɗo, sau da yawa ba a buɗe ƙofa. In an buɗe, ribar jari da kuɗin haya ba sa fitowa duka. Koma ga gidajenmu biyar ka ga girman abin. A ce mai 100 ya ce wa mai tambaya 60 yake samu. Jerin ya zama 10, 20, 30, 40, 60, kuma Gini ya faɗo daga 0.40 zuwa 0.30. Amsar gida ɗaya ta mayar da ƙasar daga sahun Amurka zuwa sahun Jamus. Hanyar gano wannan ita ce a ninka matsakaicin da binciken ya bayar da yawan jama'a, a gwada da jimillar kuɗin gidaje da ke cikin lissafin tattalin arzikin ƙasa. Idan binciken ya kamo rabi ko kashi biyu cikin uku kawai, akwai kuɗin da ya ɓace, kuma mai yiwuwa kaso mai tsoka daga cikinsa na saman jeri ne.

Brazil misali ce mai kyau. Binciken gidaje ya nuna Gini ɗinta ya sauko daga kusan 0.59 a ƙarshen shekarun 1990 zuwa kusan 0.52 a 2014, kuma saukar ta gaskiya ce: mafi ƙarancin albashi ya ƙaru, tazarar albashi tsakanin masu ilimi da marasa shi ta ragu, ga shirin tallafin Bolsa Família da aka fara a 2003. Amma da masu bincike suka haɗa da bayanan hukumar haraji, wadda ta fi ganin masu kuɗi, sai suka tarar kason kashi 1 na sama bai ragu sosai ba a wannan lokacin. Talakawa sun matso kusa da na tsakiya, na can sama suna nan inda suke. Duka labaran biyu gaskiya ne, Gini na binciken gidaje ɗaya kawai ya bayar.

To za a dogara da ita? Ni ina dogara da ita a wuri biyu. Na farko, bin ƙasa ɗaya shekara bayan shekara, muddin ba a canza tsarin binciken ba. Sauya tambayar kashewa daga kwana 30 zuwa kwana 7 kaɗai yana iya motsa lambobi ba tare da rayuwar kowa ta canza ba, don haka idan ka ga tsalle na maki uku ko huɗu a shekara ɗaya, fara zargin takardar tambayoyi kafin ka zargi tattalin arziki. Na biyu, manyan tazara. Tsakanin 0.27 da 0.55 babu wata dabarar aunawa da za ta rufe ramin. Amma 0.35 da 0.37 ba na ce ɗaya ta fi ɗaya, domin kuskuren da ke tattare da ɗaukar samfur kaɗai yakan kai maki ɗaya ko fiye.

Idan kana son lamba ta biyu da za ka ajiye kusa da Gini, nemi ma'aunin Palma: kason kashi 10 na sama a raba da kason kashi 40 na ƙasa. An sa masa sunan José Gabriel Palma, masanin tattalin arziki ɗan Chile, wanda ya lura cewa rabin jama'ar da ke tsakiya sukan riƙe kusan rabin kuɗin ƙasa a wurare da yawa, don haka ainihin bambancin ƙasashe yana cikin yadda gefe biyu suka raba ɗaya rabin. A ƙasashen Arewacin Turai yana kusa da 1, a Afirka ta Kudu yana wajen 7. Ko ka yi abin da ya fi wannan sauƙi, ka duba kason kowane kashi 20 na jama'a, wanda Bankin Duniya ke bugawa tare da Gini. A ƙasashenmu uku masu 0.40, kashi 20 na ƙasa suna riƙe da kashi 5 a ta farko, kashi 10 a ta biyu, sifili a ta uku, na sama kuma suna da kashi 50, da 60, da 33.